Nawa Ne Kuɗin Awa Ɗaya? Lissafin Wanda Ya Ajiye Albashi Ya Kama Aikin Kansa

Mutumin da ya ajiye aikin albashi ya koma cin gashin kansa, ko zanen kwamfuta yake yi, ko fassara, ko haɗa bidiyo, ko rubuta manhaja, tambayar farko da takan tsayar da shi ita ce wadda kwastoma ke yi a waya: "To, nawa za ka yi mana?" Mafi yawan mutane a nan suke ɗauko albashinsu na da, su raba shi da awannin da suke yi a ofis, abin da ya fito su ce shi ne farashinsu. Lissafin yana da kama da gaskiya, amma shi ne ke sa mutum ya yi wata shida yana aiki dare da rana, ya duba asusunsa ya ga bai kai abin da yake samu a da ba, ya rasa ta inda kuɗin ke zurarewa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce mai zane ne a wani kamfanin ɗab'i a Kano, albashinsa naira 300,000 a wata kafin a cire komai. Yana aiki kwana 22 a wata, awa takwas kullum, wato awa 176. In ya raba, awa ɗaya ta tashi a kan naira 1,700 ke nan. Alƙaluman albashi da na kayan aiki da za a gani a nan duk na misali ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Na haraji da na fansho kuwa daga dokar Najeriya suke.

Wannan naira 1,700 farashin awar da wani ya riga ya saya ce gaba ɗaya. Kamfanin yana biyan mutumin nan ranar Sallah da ranar Maulidi, yana biyansa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, yana biyansa ranar da babu aiki aka wuni ana hira a bakin inji. Kwamfutar da yake aiki da ita ta kamfani ce, man janareta ma ba daga aljihunsa yake fita ba. Ranar da ya miƙa takardar ajiye aiki, duk waɗannan sun dawo wuyansa, kuma ba su da mafita sai ta cikin farashin awannin da ya iya sayarwa.

Saboda haka lissafin ba daga awa ake fara shi ba. Daga shekara ake farawa, a gangaro.

Abin da albashi yake ɓoyewa

Albashin mutumin namu a shekara naira miliyan 3 da dubu 600 ne, amma ba shi ke shiga hannunsa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin ɗari, shi kuma mai kamfani ya ɗora kashi 10 daga nasa aljihun. In muka ɗauka cewa a kan dukan albashin ake lissafawa, ana cire masa naira 288,000 a shekara, kamfani na ƙara 360,000, jimilla 648,000 na shiga asusun fanshonsa ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Sai harajin albashi, wanda ake cirewa tun kafin kuɗin su iso gare shi, kimanin naira 386,000. Abin da ke zuwa gida bayan wannan duka kusan miliyan 2 da dubu 930 ne, wato wajen 244,000 a wata.

In yana so ya tsaya inda yake, ba ci gaba ba kuma ba ci baya, dole sabuwar sana'ar ta ba shi wannan miliyan 2 da dubu 930 na cefane da haya da kuɗin makaranta, ta kuma ba shi 648,000 ɗin fansho. Kashi 10 na kamfani shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, domin bai taɓa ganinsa a hannu ba. In kamfanin yana da tsarin inshorar lafiya, shi ma ya tafi, sai a ware masa wani abu, a ce 120,000. In aka haɗa, ana maganar naira miliyan 3 da dubu 700 da dole su rage masa bayan ya biya haraji.

Wani zai ce fansho ai sai an ƙoshi. A ganina wannan yaudarar kai ce. Wanda ya cire shi daga lissafi ya rage wa kansa albashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, illa dai ba zai ji zafin ba sai bayan shekara ashirin. Ko zai zuba kuɗin a tsarin fansho na masu aikin kansu da hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe a 2019, ko zai sayi fili, ko ya yi kiwo, wannan ruwansa ne. Abin da ba shi da zaɓi a kai shi ne kuɗin su fito daga cikin farashi.

Haraji

Mai albashi bai san wahalar haraji ba, domin akawun kamfani ke cirewa ya aika. Mai aikin kansa shi ne akawun kansa. Harajin mutum ɗaya da ba kamfani ya yi wa rajista ba yana zuwa ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, kuma shi zai bayyana abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris. Kuɗin da ya samu daga kwastoman ƙasar waje ma suna ciki, muddin shi a Najeriya yake zaune.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta jera matakai. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Kowane mataki a kan nasa yankin kawai yake aiki, ba a kan dukan kuɗin ba. Kuma harajin a kan riba yake, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe domin sana'ar, shi ya sa rasit ɗin data da na gyaran kwamfuta ba takardar ƙunshe gyaɗa ba ne.

Mutumin namu yana so miliyan 3 da dubu 700 su rage masa. To ribarsa sai ta kai wajen miliyan 4 da dubu 260. Ga yadda ake tabbatarwa: miliyan 3 na farko harajinsu 330,000 ne, ragowar miliyan 1 da dubu 260 a kan kashi 18 sun ba da kusan 227,000, jimilla 557,000. In aka cire daga ribar, an dawo kan miliyan 3 da dubu 700. Akwai rangwamen da zai iya rage wannan, kamar na kuɗin haya, inda doka ta yarda a cire kashi 20 na hayar shekara matuƙar bai wuce naira 500,000 ba, da kuma abin da aka zuba a asusun fansho mai rajista. Ni dai shawarata a yi lissafin farashi kamar babu rangwamen, in ya zo ya zama rara.

Akwai kuma wani abin da ke ba sababbin shiga mamaki. Kamfanoni da ƙungiyoyi da ma'aikatun gwamnati sukan cire haraji tun daga tushe kafin su biya, kuma ga aikin ƙwararru kashi 5 ne. Ka yi aikin awa 20 ka rubuta takardar naira 140,000, sai ka ga 133,000 sun shigo. Ba cuta aka yi maka ba, kuma ba ƙarin haraji ba ne. Wani ɓangare ne na harajinka aka biya a madadinka, kuma za a rage shi daga abin da ake bin ka a ƙarshen shekara, amma fa sai in kana da lambar haraji kuma ka karɓi takardar shaidar cirewar. Wanda bai nemi takardar nan ba yana iya biyan haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Wanda ba shi da lambar kuwa, ƙa'idar da ta fara aiki a 2025 ta ce a ninka abin da ake cire masa.

Kayan aiki

Nan ba sai an daɗe ba, sai dai a lura da abu ɗaya: kayan da aka riga aka mallaka ma suna cin kuɗi. Mutum zai ce ai ina da kwamfutata. Gaskiya ne, amma kowace rana tsufa take yi, kuma ranar da allonta ya mutu babu manajan da zai sa hannu a sayo wata. Abin da ake yi shi ne a raba kuɗinta da shekarun da za ta yi. Laftof ta naira 900,000 da za ta yi shekara uku tana cin 300,000 a shekara. Inbata da batir da farantin sola na miliyan 1 da dubu 200, in sun yi shekara huɗu, wata 300,000 ce. Data 30,000 a wata ta kama 360,000. Kuɗin manhajojin zane da ake sabuntawa duk wata, a ce 300,000. Wuta da mai wata 300,000. Gyare-gyare, kuɗin mota zuwa wajen kwastoma da abin da banki ke yankewa, 180,000. Jimilla miliyan 1 da dubu 740.

A yi lissafin da farashin sabuwar kwamfuta a kasuwa yau, kada a yi da abin da aka saye ta shekara uku da suka wuce. Wanda ya sayi laftof a farkon 2023, lokacin da dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, ya ga yadda ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma kwamfuta da batir da manhaja duk da dala ake auna su.

Yanzu a haɗa: ribar miliyan 4 da dubu 260, da kayan aiki miliyan 1 da dubu 740. Naira miliyan 6 ke nan dole su shigo a shekara, domin mutumin da albashinsa miliyan 3 da dubu 600 ne ya tsaya a inda yake.

Kwanakin da ba a biya

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Kuskuren dubu ɗari a kuɗin kwamfuta ba ya sauya farashi sosai. Kuskure a yawan awannin da za a sayar kuwa yana iya rushe lissafin baki ɗaya.

Shekara kwana 365 ce. A cire kwana biyu na hutu a kowane mako, saura 261. Ranakun hutun gwamnatin tarayya, da suka haɗa da Sallah ƙarama da babba, Maulidi, Kirsimeti, Ista, ranar ma'aikata, 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba, sukan kai wajen 13, saura 248. Ko kai kana son yin aiki a ranakun nan, ofisoshin kwastomominka a rufe suke. A ware kwana 15 na hutun kai, saura 233. Sai rashin lafiya, naka ko na yaro, da biki da suna da jana'iza da zaman makoki, a ce kwana 13, saura 220. Wannan adadin ma na sassauta shi, domin da zarar dangi sun ji cewa ka daina zuwa ofis, kai ne za a riƙa aika asibiti da tasha da ɗauko yara. A wurinsu wanda yake gida ba shi da abin yi.

A cikin kwana 220 ɗin nan akwai waɗanda za ka zauna a shirye, kwamfuta a kunne, babu aikin. Wani kwastoma ya ce a jira sai oga ya dawo daga Abuja ya duba, wani aikin ya ƙare na gaba bai zo ba. Tela ya san wannan tun da daɗewa: ɗinkin da yake yi a watan azumi har asuba shi ke ciyar da shi a makonnin da ke bayan Sallah, lokacin da keke ke zaune shiru. Mai zane ma yana da irin tasa kakar, lokacin kalanda a ƙarshen shekara, lokacin bukukuwa, lokacin siyasa, kuma tsakaninsu akwai fari. A shekarar farko, ga wanda bai tara kwastomomi ba tukuna, ware kwana 40 domin wannan ba tsoro ba ne. Saura kwana 180.

Sai kuma awannin cikin yini. A ofis awa takwas ake biya, amma ba awa takwas ake zane ba. Mai aikin kansa shi ke amsa waya, shi ke rubuta farashi ga mutum biyar ɗaya ya dawo, shi ke bin bashi, shi ke zuwa wajen mai gyara, shi ke jiran intanet ta dawo domin ya tura fayil. Duk aiki ne, amma babu wanda za a rubuta wa takardar biya a kansu. Ranar Juma'a rabin yini ce, a watan azumi kuma ƙarfin la'asar ba kamar na safe ba ne. Wanda yake samun awa biyar ta aikin da za a biya a kowace rana ya yi ƙoƙari. Kwana 180 sau awa biyar, awa 900 ke nan a shekara, alhali a ofis ana biyansa awa 2,112.

Naira miliyan 6 a raba da awa 900, an sami kusan 6,700. A ɗan ɗora wani abu saboda kwastoman da zai karɓi aiki ya kashe waya, domin ba a rasa irinsa, sai ya zama naira 7,000 a awa. Ya ninka 1,700 ɗin farko sau huɗu, kuma babu ko sisi na ƙarin jin daɗi a ciki.

Domin a ga yadda awannin ke da ƙarfi, a ce shekarar ta zo da wuya, awa 700 kawai aka sayar. Abin da ya shigo miliyan 4 da dubu 900 ne. Kayan aiki ba sa raguwa don aiki ya ragu, sai su ɗauke nasu, haraji ya ɗauki wajen 360,000, a bar mutum da miliyan 2 da dubu 800. Bai kai kuɗin gida ba ma, balle a yi maganar fansho. Shi ya sa tun daga makon farko ya kamata mutum ya riƙa rubuta awannin da ya yi a kan kowane aiki, ko a ɗan littafi ne. Bayan wata uku zai ga ko yana kan hanyar awa 75 a wata ko yana ƙasa da haka. Alamar farashi ya yi ƙasa ba ta da wuyar ganewa: aiki ya yi maka yawa har kana kwana a kansa, kowa ka faɗa wa kuɗi ya ce ya yarda ba tare da ya taya ba, amma kuɗin da ka ware na haraji da na kwamfuta kullum sai ka taɓa su kafin wata ya ƙare.

Idan kasuwa ta ce albarka

A Kano ko Kaduna ko Sakkwato, in ka ce wa ɗan kasuwa kuɗinka 7,000 ne a awa, zai tambaye ka ko haya yake ɗaukar ka. Mutanenmu aiki suke saye, ba lokaci ba, kuma suna da hujja, domin ba su da hanyar sanin awa nawa ka yi. Saboda haka sau da yawa farashin awa ma'auni ne da kake riƙewa a cikinka. Ka san zanen tambarin kamfani, daga hira da mai shi zuwa gyara na ƙarshe, yana cin awa 12, sai ka ce naira 84,000. Ka kuma faɗa tun farko cewa gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa, in ba haka ba "ɗan canza mana kalar nan" zai mayar da awa 12 ta zama 20, farashin awarka ya faɗo zuwa 4,200 ba tare da kowa ya nemi ragi ba. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi in zai yiwu. Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin waje su ne suka saba da biya a kan awa ko a kan yini, kuma a wurinsu yini guda na awa takwas a wannan lissafin naira 56,000 ne.

Masu neman aiki ta dandalin intanet su lura da la'ada. Fiverr na ɗaukar kashi 20 na abin da aka biya. In kana son 7,000 su iso hannunka, ba kashi 20 za ka ɗora ba, domin 8,400 in aka cire kashi 20 saura 6,720. Raba za ka yi da 0.8, ka sami 8,750.

To, idan duk wanda ka faɗa wa 84,000 ya ce akwai yaron da ke yi a 40,000 fa? Lissafin nan bai yi alkawarin cewa kasuwa za ta biya ba. Abin da ya nuna kawai shi ne inda ƙasa take, wato farashin da in ka sauka ƙasa da shi to kai ke biyan kwastoma ciko daga aljihunka. A 40,000, awarka ta koma naira 3,300. Hanyoyin da suka rage kaɗan ne. Ko ka ƙara sauri har aikin awa 12 ya koma shida, ko ka nemi kwastomomin da aikin ya fi yi wa amfani, ko ka sami wani kamfani da zai ɗauke maka awa 30 duk wata a kan ɗan ragi, wanda ragi ne mai ma'ana tun da yana cinye kwanakin zaman banza. In babu ko ɗaya daga cikinsu, gara a riƙe albashin tukuna, a gwada farashin da yamma da ranakun Asabar, in sharuɗɗan aikin sun yarda, har a ga mutum uku ko huɗu da suka biya shi suka kuma dawo.

Wanda ya riga ya fita, ya buɗe asusu na biyu. Duk kuɗin da suka shigo, ya tura kashi 10 can domin haraji tun a ranar, tun da 557,000 a cikin miliyan 6 kashi tara ne da ɗoriya. Ya tura wani kashi 10 domin sabunta kwamfuta da batir, wanda ya yi daidai da 600,000 ɗin da muka ware musu. Daga abin da ya rage ya yanka wa kansa albashin 244,000 a ƙarshen wata, ko watan ya yi kyau ko bai yi ba, rarar watan kaka ta jira watan fari. Farashin kansa kuma ba na dindindin ba ne. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma a irin wannan shekarar wanda ya bar farashinsa yadda yake ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuɗinsa ke iya saye. A sake lissafin duk wata shida da alƙaluman gaskiya daga ɗan littafin nan, a sanar da tsofaffin kwastomomi wata guda kafin sabon farashi ya fara aiki.